Lambobina na tsohuwar waya ba su shigo sabuwar duka ba, ina sauran suke?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina harkar hatsi a Tudun Hatsi, Gombe. Na daɗe ina riƙe da ƙaramar waya mai madanni, layi biyu. Yanzu yarona ya saya mini babbar waya Android. Na cire layukan na sa a ciki, amma lambobin da suka fito ba su kai rabi ba, wasu sunayen kuma a guntule. Dillalaina na Kumo da Dukku da direbobin da ke ɗauko mini kaya duk babu su. Tsohuwar tana nan tana aiki, sai dai batirinta ya yi rauni. Yaya zan yi in dawo da su gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, lambobin nan ba su ɓata ba. Suna cikin tsohuwar wayar, kuma muddin tana kamawa za a fito da su. Abu uku kawai nake roƙo kafin mu gama: kada ka ba wani yaro ita, kada ka yarda a yi mata filashin, kada kuma ka je ofishin kamfanin layi a sake maka sim. Sabon sim fanko yake zuwa, domin lambobin da aka ajiye a sim suna zaune ne a jikin ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya, kamfanin ba ya riƙe da su a wurinsa. Layinka zai dawo, sunayen mutane ba za su biyo shi ba.

Ƙaramar waya tana da ma'ajiya iri biyu, ta cikin wayar kanta da ta kan sim. Mai layi biyu kuwa uku ke nan. Duk lokacin da ka adana lamba, wayar tana jefa ta ɗaya daga cikinsu, sau da yawa ba tare da ta tambaye ka ba, kuma idan ka buɗe jerin sunaye sai ta haɗa maka su wuri guda kamar abu ɗaya ne. Da ka zare sim, abin da ke kansa ne kaɗai ya bi ka. Sim kuma ɗan ƙaramin wuri gare shi, yawanci lamba 250 ce iyakarsa, wani ma bai kai haka ba. Kowane gurbi suna ɗaya da lamba ɗaya yake ɗauka, sunan ma gajere, haruffa goma sha wani abu. Dalilin guntulewar sunayen da ka gani ke nan.

Saboda haka aikin farko ƙidaya ne, kamar yadda ba ka sallamar mota sai ka san buhu nawa aka loda. Ka mayar da layukan cikin tsohuwar wayar, ka jona ta da caji tunda batirin ba shi da tabbas, ka bar ta a jone har a gama. Shiga `Contacts` ko `Phonebook`, danna `Options`, nemi `Settings`, a ciki za ka ga `Memory status`, wasu wayoyin kuma `Used space` suke rubutawa. Zai nuna maka wani abu mai kama da wannan:

```
Phone  412/500
SIM1   187/250
SIM2    23/250
```

Misali na ba da, naka zai bambanta, amma da waɗannan alƙaluman zan yi maka bayani har ƙarshe. Ma'anarsu ita ce akwai 412 a cikin wayar, 187 a layi na ɗaya, 23 a na biyu, jimla 622. Wanda ya sa layukan nan a sabuwar waya 210 kawai zai gani. Ka rubuta naka a takarda ka ajiye, da su za mu gane ko aiki ya kammala.

Game da mayar da layi cikin tsohuwar waya, a kula da girman sim. Ƙananan wayoyi da yawa babban sim suke ci ko matsakaici, manyan wayoyin yanzu kuwa mafi ƙanƙanta. Idan ka ɓalle shi daga firam ɗinsa, sai ka mayar da shi cikin firam ɗin kafin ka zura. Ka danne shi ya kwanta daidai, in ya ƙi zama ka lika ɗan siririn salatif ta bayansa, ba ta gefen zinariyar ba. Kada ka taɓa zura firam babu sim a ciki. Ramin tsakiyarsa yana kama 'yan ƙananan ƙarafan da ke taɓa sim, kana jawowa sai su lanƙwashe ko su karye, wayar ta daina ganin layi gaba ɗaya. A teburin gyara ina yawan karɓar irin wannan, kuma ɗan aiki ne mai cin rai.

Kafin a kwaso komai, a shirya inda za a zuba. Sabuwar wayar ma tana da ma'ajiyarta, kuma idan ka zuba lambobin a cikin wayar kawai, ranar da ta faɗa ruwa ko aka zare ta a kasuwa ka koma gidan jiya. Wurin da ya dace shi ne asusun Google, wato adireshin Gmail ɗin da aka buɗe wayar da shi. Abin da aka ajiye a can yana hawa intanet, duk wayar da ka sa asusun a cikinta zai sauko. Ka tambayi yaronka da wane asusu ya buɗe wayar. Idan nasa ne, a buɗe maka naka, in ba haka ba lambobinka za su cakuɗe da na abokansa, abin da ya goge a wayarsa kuma ya goge a taka. A sa lambar layinka a matsayin wadda za a turo wa saƙo idan an manta kalmar sirri, a rubuta adireshin da kalmar sirrin a littafin da kake ajiyewa a gida. Mutane da yawa a shago ake buɗe musu asusu a gurguje, su tafi ba su san ko sunansa ba, ranar buƙata kuma babu mai iya buɗe shi.

Yanzu hanyoyin kwasowa. Uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Wadda na fi so ita ce ta katin memori, idan tsohuwar tana da gurbinsa, kamar yadda ƙananan itel da Tecno da yawa suke da shi. Ka sa memori, ka shiga `Contacts`, `Options`, ka nemi `Import/Export` ko `Export` ko `Backup`. Idan ta tambayi waɗanne, ka zaɓi duka. Za ta rubuta fayil guda ɗaya a kan katin, sunansa yana ƙarewa da `.vcf`. Wannan fayil shi ne littafin lambobinka gaba ɗaya, da cikakkun sunaye, da lamba ta biyu da ta uku ga wanda yake da su, kuma babu ruwansa da iyakar 250. Ka duba ƙarshen sunan da kyau. Wasu wayoyin suna ajiye nasu da wani tsari na kansu wanda su kaɗai ke iya karantawa, to in ba `.vcf` ka gani ba, Android ba za ta karɓa ba, sai a koma wata hanyar. Idan shi ne, ka kashe wayar, ka cire katin ka sa a sabuwar. A manhajar `Contacts` ta Google ka shiga `Fix & manage`, wanda a sababbin fitowa aka mayar `Organize`, ka danna `Import from file`, ka zaɓi asusunka, ka nuna mata fayil ɗin. A Tecno da Infinix da itel masu manhajar kamfani, ana samun abin a `Settings` na cikin `Contacts`, ƙarƙashin `Import/Export`. A Samsung kuma `Manage contacts` ne. Sau ɗaya za ka danna. Idan ka ga shiru ka jira, domin duk dannawa tana sake zuba wani kwafin, ka wayi gari kowane mutum ya zama uku.

Ta biyu ita ce `Bluetooth`. Ka kunna a wayoyin biyu, ka haɗa su, sannan a tsohuwar ka yi `Mark all`, ka nemi `Send vCard` ko `Send business card`, ka tura. Abin da zai isa sabuwar shi ma `.vcf` ne, ka taɓa shi ta tambaye ka inda za ta zuba. Matsalar ita ce wasu ƙananan wayoyin ɗaya bayan ɗaya kawai suke yarda su tura. Ga mutum talatin wannan ba komai, ga ɗari huɗu kuwa wahala ce. Amma ko wayar ba ta tura sunaye a dunƙule, idan ta iya rubuta fayil a memori, za ka iya tura fayil ɗin kansa ta `Bluetooth` daga `File manager`, wanda ke da amfani idan sabuwar ba ta da gurbin memori.

Ta uku ita ce a yi jigila da sim, kuma a nan zan daɗe, domin ita ce ta rage wa mai wayar da ba ta da memori ba ta da `Bluetooth`, irin tsofaffin Nokia 105, kuma a cikinta ne ake yin asara.

Abin da mutane suka saba yi shi ne su danna `Copy all` zuwa layi na ɗaya su zare. A misalinmu layin yana da 187 cikin 250, wato gurbi 63 ne ya rage. Wayar za ta kwafi 63 ta rubuta `Memory full`, rubutun ya ɓace cikin daƙiƙa biyu, mutum ya ɗauka an gama, alhali 349 suna nan ba su motsa ba. Yadda ake ganewa shi ne sunayen da suka zo sabuwar waya za su tsaya a farkon haruffa. Za ka ga su Abdullahi da Adamu da Bala, amma babu Sani, babu Usman, babu Yakubu.

Ga yadda ya kamata a bi. Da farko a sa layukan biyu a sabuwar waya, a shiga `Import from SIM`, a kwashe 187 da 23 ɗin nan zuwa asusun Google. Ganinsu a allo ba ya nufin sun shiga wayar, tana karanto su ne kawai daga sim, sai an yi wannan kwafin sun zama nata. Bayan an tabbatar sun shiga, sai a ɗauki layi na biyu ya zama motar jigila tunda shi ne mai sarari. In kana da wani tsohon sim da aka daina amfani da shi a cikin durowa, ya ma fi, domin ko layin ya mutu ma'ajiyarsa tana aiki, ka ga ba a taɓa layukan kasuwancinka ba. A mayar da layi na biyun tsohuwar waya, a goge 23 ɗin da ke kansa tunda an riga an kwashe su, ya zama gurbi 250 cif. Lamba 412 kuwa sawu biyu ke nan, 250 da 162.

Sawun farko, a yi amfani da `Mark several` ko `Select`, a yi wa sunaye alama daga farko, a tsaya a ƙarshen wani harafi, misali daga A zuwa L, yadda ba za su haura 250 ba. A rubuta sunan ƙarshe da aka ɗauka. A zaɓi `Copy`, daga `Phone` zuwa sim. Kusa da shi akwai `Move`, kada a taɓa shi. `Copy` yana barin asalin a wurinsa, `Move` kuwa yana gogewa daga wayar yayin da yake kaiwa, ya kai guntun suna ya hallaka cikakken, in batir ya ɗauke a tsakiya kuma ba ka san me ya tafi me ya saura ba. A kashe waya, a kai sim sabuwar, a yi `Import from SIM` zuwa asusun, a duba adadin ya ƙaru da abin da aka ɗauko. Sannan a dawo da sim, a share shi, a ɗauko daga M zuwa Z.

Wurin sharewar nan shi ne mafi hatsari a duk aikin. A ƙarƙashin `Delete all` za ka ga `From phone` da `From SIM1` da `From SIM2` a jere, layi ɗaya a kan ɗaya, a ɗan ƙaramin allo, da madannin da ya sha hannu har rubutunsa ya goge. Kuskuren dannawa ɗaya ya share 412 ɗin, kuma ƙaramar waya ba ta da kwandon shara da za a koma a tsinto. Shawarata ita ce a lokacin jigila a bar sim ɗaya tak a cikin wayar, a karanta abin da ke allon da ƙarfi kafin a danna, kuma kada a yi wannan aikin a bakin rumfa ana ciniki ana kiranka. A bari sai dare bayan isha'i, a zauna da yaron nan a yi shi a natse. Idan wayar ba ta da zaɓin yi wa sunaye da yawa alama, sai `Copy all` ko ɗaya ɗaya, to `Copy all` zai kawo 250 na farko, sauran kuma a bi su ɗaya ɗaya daga inda ya tsaya. Yana ɗaukar lokaci, amma ya fi a goge wani abu daga wayar don a samar wa na baya hanya.

Sai maganar sunaye, wadda ga ɗan kasuwa ta kai lambar kanta muhimmanci. Mu a nan yadda muke adana suna shi ne laƙabi a gaba, abin da ke bambanta mutum a ƙarshe. A ce kana da Alhaji Musa Kumo da Alhaji Musa Kuri. Idan sim ɗin haruffa 14 yake ɗauka, kuma tazarar da ke tsakanin kalmomi ma ana ƙirga ta, dukansu biyu za su iso a matsayin Alhaji Musa Ku. Ka ga sai ka kira wannan kana nufin wancan, ka faɗa masa farashin da ba nasa ba. Sunan da aka rubuta da haruffan Larabci ya fi guntulewa, domin kowane harafi yana cin wurin biyu. Maganin shi ne kafin jigila ka bi mutanen da harkarka ta rataya a kansu, dillalai da direbobi da masu awo da masu bin ka ko kake bin su, ka gyara sunan a tsohuwar wayar, abin bambancewa ya dawo gaba: Kumo Musa, Kuri Musa. In sun isa sai ka mayar musu da Alhajinsu. Haka kuma wanda ka ajiye wa lamba biyu a suna ɗaya, wata wayar tana raba shi gida biyu ta lika wata alama ko lamba a ƙarshen sunan, wata kuma ta farkon kawai take ɗauka ta bar ta biyun ba ta ce komai ba. Irin waɗannan sai an buɗe su a wayoyin biyu an gwada. Duk wannan wahalar babu ita a hanyar memori, shi ya sa na ce a fara gwada ta.

Idan an gama sai a koma ga takardar ƙidaya. A misalinmu ana sa ran ganin kusan 622. In ya ɗan haura, masu lamba biyu ne suka rabu. In ya gaza da yawa, akwai sawun da bai kammala ba, ka bi haruffa ka ga inda aka yi tsalle. In kuwa ya kusa ninkawa, ko dai an zuba sau biyu, ko wayar tana nuna na sim da na asusu a tare. Na biyun ba matsala ba ce, a saitin `Contacts` za a zaɓi a riƙa nuna na asusun Google kaɗai. Don maimaitattu akwai `Merge & fix`, wanda ke kawo waɗanda yake zaton mutum ɗaya ne. Kada ka danna `Merge all`. Alhaji Musa Ku guda biyun nan zai iya kawo maka su a matsayin mutum ɗaya. Ka bi su ɗaya ɗaya, wanda lambarsu ta zo iri ɗaya ka haɗa, wanda suna ne kawai ya yi kama ka bari. In an yi kuskure akwai sauƙi a nan, domin abin da aka goge daga asusun Google yana zama a `Trash` kwana 30, kuma `Undo changes` yana iya mayar da jerin yadda yake a wani lokaci cikin kwana 30 ɗin.

Tabbacin ƙarshe ba a cikin wayarka ake samunsa ba. Ka kunna data ka ba ta ɗan lokaci, sannan a buɗe `contacts.google.com` a burauza, a shiga da asusunka. In da hali a yi a wata wayar daban, a fita daga asusun da an gama dubawa. Idan sunayen suna can, sun hau. Idan wurin fanko ne ko kaɗan ne a ciki, to a cikin waya aka zuba su, ko kuma `Contacts` a kashe yake a wurin `Sync` na asusun, sai a shiga `Settings` na wayar, wajen `Accounts`, a kunna. Daga nan ka nemi `Default account for new contacts` ka sa shi a kan Google, don duk lambar da za ka adana gobe ta tafi can, ba sim ba.

WhatsApp daga wannan jerin yake ɗaukar sunaye, in an ba shi izinin ganin `Contacts`. Lambobin gida masu farawa da 080 ko 070 ko 090 yana gane su. Na waje ne ke buƙatar gyara. Abokin ciniki na Nijar sai da +227 a gaba, na Kamaru +237, na Chadi +235, na Saudiyya +966, in ba haka ba ba zai fito ba ko da yana da WhatsApp ɗin.

Akwai kuma abin da babu hanyar da za ta kawo shi, wato lambobin da ba ka taɓa adanawa ba. 'Yan kasuwa da yawa suna da direban da suke ganewa da ƙarshen lambarsa a jerin kira, ko lambar asusun banki da wani ya turo ta saƙo tun bara. Jerin kira da saƙonni suna nan a tsohuwar waya, ba sa bin sim, ba sa shiga fayil. Ka bi `Call log` da `Inbox` da biro a hannu ka kwafe abin da kake buƙata.

Idan aikin ya fi ƙarfinku kuka kai shago, ka tsaya a yi a gabanka. Layin da ke haɗe da asusun bankinka ba abin bari a hannun kowa ba ne, ko na minti goma, domin da shi ake karɓar lambar sirrin da banki ke turowa, da shi kuma ake tura kuɗi ta lambobin nan masu tauraro. Kalmar sirrin Google kai za ka rubuta da hannunka, ko yaronka. In memorin mai shago aka yi amfani da shi, a goge fayil ɗin kana kallo.

Tsohuwar wayar kuma ka riƙe ta wata guda ko biyu, har kasuwa ta zagayo ka kira duk wanda ka saba kira. Idan batirin ya kumbura har murfin baya yana ɗagawa, ka cire shi ka sayi wani, lambobin da ke cikin wayar ba sa gogewa don an cire batir. Sai ka tabbatar babu wanda ya ɓace sannan ka goge sunaye da saƙonni, ka yi `Restore factory settings`, ka sake leƙa `Contacts` ka ga fanko ne, domin a wasu ƙananan wayoyin wannan saiti kawai yake mayarwa, ba ya taɓa sunaye. Bayan haka kana iya ba wanda za ka ba.